Me 11010110 Ke Nufi? Yadda Kwamfuta Ke Rubuta Lamba da Kuma Abin da Ke Ƙasa da Sifili

A dubi wannan jeri da kyau: 11010110. Wanda ya karanta shi da idon lissafin yau da kullum zai ce miliyan goma sha ɗaya da 'yan kai. Ɗalibin da ya ɗan taɓa darasin kwamfuta zai ce 214 ne. Mai haɗa manhaja zai rubuta shi D6 ya wuce abinsa, wani tsohon hannu a harkar kuma ya rubuta 326. Sai wani ya zo ya ce ai 42 ne ƙasa da sifili. In ban da na farkon, duk sauran suna da gaskiya, kuma abin da ya sa suke da gaskiya shi ne dukan abin da wannan rubutu zai bi.

Sai mu fara daga ƙidayar da muka saba. In mun rubuta 214, kowace alama tana da gidanta: 4 tana gidan ɗaya, 1 tana gidan goma, 2 tana gidan ɗari. Duk sa'ad da aka matsa hagu da gida ɗaya, daraja tana ninkuwa sau goma, shi ya sa ake kiran tsarin tushe goma. Kwamfuta ba ta da alamomi goma. A cikinta akwai ɗimbin ƙananan makunnai na lantarki, kowanne a kunne yake ko a kashe, don haka alamomi biyu kaɗai gare ta, 1 da 0. Kowane gurbi ɗaya da zai ɗauki 1 ko 0 shi ake kira bit, bit takwas kuma su ne bayit ɗaya. A wannan tsari na tushe biyu, wato binari, matsawa hagu ninkawa sau biyu ne. Gidajen bayit ɗaya, daga hagu zuwa dama, su ne 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2, 1. Ba sabon abu ba ne: Bajamushen masanin lissafi Leibniz ya wallafa bayanin wannan ƙidaya tun 1703, sai da aka yi fiye da shekara ɗari biyu kafin injin da zai ci moriyarta ya zo.

Don karanta lambar binari, sai a jera ta ƙarƙashin gidajenta a tara duk gidan da ke da 1 a ƙasansa.

```
128  64  32  16   8   4   2   1
  1   1   0   1   0   1   1   0
```

Gidajen da ke kunne su ne 128, 64, 16, 4 da 2. In aka tara su, 214 ke fitowa. Komawa baya, daga 214 zuwa binari, shi ne abin da ɗaliban sakandare ke haɗuwa da shi a jarrabawar WAEC da NECO: a riƙa raba lambar gida biyu ana ajiye saura, har a kai sifili.

```
214 / 2 = 107  saura 0
107 / 2 =  53  saura 1
 53 / 2 =  26  saura 1
 26 / 2 =  13  saura 0
 13 / 2 =   6  saura 1
  6 / 2 =   3  saura 0
  3 / 2 =   1  saura 1
  1 / 2 =   0  saura 1
```

Ana karanta saurar daga ƙasa zuwa sama: 11010110. A nan ne yara da yawa ke zubar da maki, su karanta daga sama su samu 01101011, wanda 107 ne kawai. Gane wannan kuskure ba shi da wuya. Saurar farko ita ce ta gidan ɗaya, wato ta can ƙarshen dama, kuma duk lambar da ke rabuwa biyu ba saura dole ta ƙare da 0 a binari. In amsarka ga 214 ta ƙare da 1, ka juya ta ke nan.

Binari yana da aibu guda ga ɗan Adam: ya cika tsawo, kuma ido yana ɓata a cikinsa. Ka gwada karanta wa wani alamomi talatin da biyu na ɗaya da sifili ta waya, ka ga ko za ku kai ƙarshe lafiya. Don wannan ne aka ɗauko tushe takwas, wato oktal, da tushe goma sha shida, wato heksadesimal, wanda masu aikin ke taƙaitawa da heks. Kwamfuta ba ta lissafi da ko ɗaya cikinsu. Hanyoyi ne na taƙaita rubutun binari don mutum, kuma an zaɓe su ne saboda 8 shi ne 2 sau 2 sau 2, 16 kuma shi ne 2 sau 2 sau 2 sau 2. Ma'ana, alama ɗaya ta oktal tana tsayawa daidai a madadin bit uku, alama ɗaya ta heks kuma a madadin bit huɗu. Tushe goma ba shi da wannan dacewa da binari, shi ya sa sai an yi ta rabawa kafin a tsallaka tsakaninsu. Tsakanin binari da oktal da heks kuwa babu rabawa babu ninkawa, yanka jeri ne kawai gunduwa-gunduwa.

Oktal yana aiki da alamomi takwas, 0 zuwa 7. A raba 11010110 uku-uku, a faro daga dama: 110, sai 010, sai abin da ya rage a hagu, 11, wanda za a cike da sifili ya zama 011. Kowace gunduwa ana karanta ta da gidaje uku kawai, 4, 2, 1.

```
011  010  110
  3    2    6
```

Amsar ita ce 326 a oktal. A tabbatar: gidajen oktal su ne 64, 8, 1, don haka 3 sau 64 ya ba da 192, 2 sau 8 ya ba da 16, a ƙara 6, an dawo 214. Sharaɗin farowa daga dama ba ado ba ne. Wanda ya faro daga hagu zai yanka 110, 101, 10, ya rubuta 652, wanda a ƙidayarmu 426 ne. Bit takwas kuwa ko duka suna kunne ba sa wuce 255, don haka girman amsar kaɗai ya isa ya tona asirin kuskuren.

Heks yana buƙatar alamomi goma sha shida, mu kuwa goma gare mu, sai aka aro haruffa shida: A ita ce 10, B 11, C 12, D 13, E 14, F kuma 15. A yanka jerin namu huɗu-huɗu, ana karanta kowace gunduwa da gidaje 8, 4, 2, 1.

```
1101  0110
   D     6
```

1101 shi ne 8 da 4 da 1, wato 13, wato D. 0110 shi ne 4 da 2, wato 6. Bayit ɗin ya zama D6, kuma 13 sau 16 da ƙarin 6 ya ba da 214. A nan aka ga dalilin da ya sa heks ya kori oktal daga yawancin fagage. Bayit ɗaya alamomin heks biyu ne cif, daga 00 zuwa FF, ba ragi ba ƙari, alhali bit takwas ba sa rabuwa uku-uku daidai. A zamanin da ake ƙera injuna masu aiki da bit 12 ko 36 a lokaci guda, irin su PDP-8 mai bit 12, oktal ne ke sharafi, domin waɗannan lambobi suna rabuwa da uku. Da kamfanin IBM ya fito da injunansa na System/360 a 1964 bisa bayit mai bit takwas, sauran masana'antar kuma ta bi sahu, sai heks ya karɓe filin.

Mai rubutu da Hausa a waya ko kwamfuta yana amfani da heks kullum bai sani ba. Kowane harafi yana da lambarsa a kundin Unicode, kuma da heks ake rubuta ta. Ƙaramar ƙ ita ce U+0199, ɗ ita ce U+0257, ɓ ita ce U+0253, alamar naira kuwa U+20A6. Bari mu ɗauki ta ƙ mu kai ta oktal, domin nuna yadda ake tsallakawa daga heks zuwa oktal. Babu gajeriyar hanya kai tsaye, ta binari ake ratsawa. A warware kowace alama zuwa bit huɗu, a haɗe su, a sake yankawa uku-uku daga dama.

```
heks     1     9     9
binari   0001  1001  1001
sake     000  110  011  001
oktal      0    6    3    1
```

Lambar ƙ a oktal 631 ce. A tushe goma kuwa, 1 sau 256, da 9 sau 16, da 9, sun ba da 409. In aka duba ta ɓangaren oktal, 6 sau 64 ya ba da 384, 3 sau 8 ya ba da 24, a ƙara 1, 409 ɗin dai ce. A lura cewa 199 a nan ba ɗari da casa'in da tara ba ne, duk da babu harafi ko ɗaya a cikinsa da zai faɗakar da mai karatu. Saboda irin wannan ruɗani ne masu haɗa manhaja ke sa 0x a gaban lambar heks, su rubuta 0x199.

Oktal bai mutu murus ba. Duk mai aiki da Linux ya san umarnin `chmod 755`, wanda ke tsara wa aka yarje wa taɓa fayil. Izini iri uku ne, karantawa, rubutawa da zartarwa, wato bit uku, kuma rukunin mutane uku ne: mai fayil, 'yan rukuninsa, da sauran jama'a. 7 ita ce 111, mai fayil yana da duka ukun. 5 ita ce 101, a karanta a zartar amma ban da rubutawa. Akwai kuma wani tarko da oktal ya bari a harshen C da 'yan uwansa: lambar da aka fara da sifili ana ɗaukarta oktal ce. Wanda ya rubuta 010 don jerin lambobinsa ya yi kyau a ido, takwas ya rubuta, ba goma ba.

Zuwa nan duk lambobinmu daga sifili suke zuwa sama. To yaya za a yi da bashi, ko sanyin cikin firiza, ko duk wani abu da ke ƙasa da sifili? A takarda muna jan ɗan layi a gaban lamba mu huta. A cikin bayit babu wurin layi, 1 da 0 ne kawai, don haka dole a cikin bit takwas ɗin nan za a nemo mafita.

Dabarar da ke fara zuwa wa kowa ita ce a ware bit na can hagu ya zama alama: 0 na nufin sama da sifili, 1 na nufin ƙasa. Sai 5 ta zama 00000101, kishiyarta −5 kuma 10000101. An ƙera injuna a kan wannan tsari, amma yana da matsala biyu. Ta farko, sifili ya zama iri biyu, 00000000 da 10000000, kuma duk lokacin da injin zai duba ko abu sifili ne sai ya duba sau biyu. Ta biyu ta fi muni. A tara 5 da −5 ta hanyar tarawar da aka saba, sai a samu 10001010, wato −10, inda ya kamata a ga sifili. Kafin injin ya yi lissafi daidai sai ya fara duba alamomin, ya gwada wace lamba ta fi girma, sannan ya zaɓi tarawa ko ɗebewa. Wannan ƙarin kayan lantarki ne, ƙarin kuɗi, ƙarin jinkiri.

Dabarar da ta yi nasara ta fito ne daga wani abu da ake gani kamar rauni: gurabe a ƙayyade suke. A tuna da mitar kilomita ta tsohuwar mota, mai lambobin nan da ke juyawa. A ce gurbi uku gare ta. In ta kai 999 aka ƙara tafiyar kilomita ɗaya, sai ta koma 000, domin babu gurbi na huɗu. In da za a iya juya ta baya daga 000, taki ɗaya zai kai ta 999, taki biyu 998. Ke nan a wannan mita 999 tana yin aikin −1 sak: ka ƙara ta a kan 5, ka samu 1004, ɗayan farko ya rasa wurin zama ya faɗi, saura 004. An ɗebe ɗaya ta hanyar tarawa.

Bayit ma haka yake, sai dai shi a 256 yake kewayowa. Taki ɗaya baya daga 00000000 shi ne 11111111, don haka shi aka ba matsayin −1. Na −2 shi ne 11111110. A dunƙule, don rubuta kishiyar wata lamba, sai a nemo abin da zai cike ta ta kai 256. Wannan shi ne tsarin cikon biyu, kuma kusan duk wayar da ke hannun mutane da duk kwamfutar da ke kan tebur a yau da shi suke aiki. John von Neumann ya ba da shawararsa a rahotonsa na 1945 kan injin EDVAC, injin EDSAC na Jami'ar Kambirij ya yi aiki da shi a 1949, amma ya daɗe yana gasa da wasu tsare-tsare kafin ya zama ruwan dare.

Mu nemi −42. Cikon 42 zuwa 256 shi ne 214, kuma mun riga mun san 214 shi ne 11010110. Ga amsar mutumin nan na ƙarshe. A aikace ba a bi ta 256, akwai matakai biyu masu sauƙi: a juya kowane bit, 0 ya zama 1, 1 ya zama 0, sannan a ƙara ɗaya.

```
 42        00101010
 juyawa    11010101
 ƙara 1    11010110   = -42
```

Akan koya wa ɗalibai wannan kamar haddar karatu, ba a faɗa musu dalili, alhali dalilin bai fi layi biyu ba. Duk lambar da aka tara da juyayyiyarta tana ba da 11111111, wato 255, domin a kowane gurbi ɗaya yana da 1 ɗayan yana da 0. Ke nan juyawa daidai take da ɗebe lambar daga 255. Mu kuwa daga 256 muke son ɗebewa, sai a ƙara ɗayan da ya rage. Wanda ya riƙe wannan ba zai taɓa mance ko ƙarawa ake yi ko ragewa ba.

Yanzu a ga amfanin wahalar. Muna son 75 a ɗebe 42. Injin ba zai ɗebe komai ba, zai tara 75 da −42, gurbi-gurbi daga dama, inda 1 da 1 ke ba da 0 a riƙe 1.

```
   01001011    75
 + 11010110   -42
 ----------
 1 00100001    33
```

Ɗayan da ya fito a gurbi na tara ba shi da wurin zama, an yar da shi, abin da ya rage 00100001 ne, wato 32 da 1, 33. Daidai. A gwada inda amsar za ta faɗa ƙasa da sifili, 20 a ɗebe 42: 00010100 da 11010110 sun ba da 11101010. Bit na hagu 1 ne, don haka lambar tana ƙasa da sifili. Don sanin girmanta sai a maimaita matakan nan biyu: juyawa ta ba da 00010101, wato 21, a ƙara ɗaya, 22. Amsa −22. Da'irar lantarki guda ɗaya ce ta yi tarawa da ɗebewa, ba tare da ta damu da alamar kowa ba, kuma sifili ɗaya ne tak.

Akwai wata hanyar karatu da na fi so a nuna wa mai koyo, domin tana kawar da tunanin cewa bit na hagu tambari ne kawai da aka manna. A cikon biyu gidan hagu yana da daraja kamar sauran, sai dai darajarsa −128 ce maimakon 128. A karanta 11010110 da wannan: −128, a ƙara 64, 16, 4 da 2, waɗanda jimlarsu 86 ce. −128 da 86 sun ba da −42, ba juyawa ba komai. Daga nan kuma iyakokin bayit suka fito fili. Mafi girma ita ce 01111111, wato 127, ko 7F a heks. Mafi ƙanƙanta ita ce 10000000, wato −128, ko 80 a heks. Duk lambar heks da ta fara da 8, 9, ko A zuwa F, bit ɗinta na hagu 1 ne, don haka da kallo ɗaya ake gane ta ƙasa da sifili ce, muddin an san da cikon biyu aka rubuta ta. Ɓangaren ƙasa ya fi na sama da lamba ɗaya, saboda sifili ya ci gurbi ɗaya a ɓangaren masu farawa da 0. Sakamakon haka −128 ba ta da kishiya a bit takwas: ka juya ta ka ƙara ɗaya, sai ta dawo maka 10000000 yadda take.

Wanda ke da kwamfuta mai Windows zai iya ganin duk wannan da idonsa. A buɗe Calculator, a zaɓi Programmer, a mayar da faɗin lamba zuwa BYTE, a danna HEX a rubuta D6. Layin DEC zai nuna −42, layin OCT 326, layin BIN kuma 1101 0110. In aka koma faɗin WORD, mai bit 16, aka sake rubuta D6 daga farko, DEC zai nuna 214. Jerin bai canja ba, faɗin wurin ne ya canja, bit na takwas ya daina zama na can hagu.

Wannan shi ne inda akasarin ɓarna ke faruwa. Matsala ta farko ita ce tumbatsa. A tara 100 da 50 a bit takwas: 01100100 da 00110010 sun ba da 10010110. In lambobin marasa alama ne, 150 ce, lafiya lau. In na cikon biyu ne, 150 ta haura 127, ta kewaya ta faɗa ɓangaren ƙasa, injin ya karanta −106. Ba a yar da komai a gurbi na tara ba, amma amsar ta lalace, alhali a lissafin 75 da −42 an yar da ɗaya kuma amsar ta fito daidai. Don haka faɗuwar ɗaya daga gefe ba ita ce shaidar matsala ba. Shaidar ita ce alama: in aka tara lambobi biyu na sama aka samu ta ƙasa, ko biyu na ƙasa aka samu ta sama, an tumbatsa. Tara ta sama da ta ƙasa kuwa ba ya taɓa tumbatsa.

A bit 32 iyakar ita ce 2,147,483,647, wato 7FFFFFFF. Tana da yawa a ido, amma tsarin Unix yana ƙidaya lokaci da daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970, kuma tsofaffin na'urori a bit 32 na cikon biyu suke ajiye ƙidayar. Za ta cika ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 3:14:07 na dare agogon GMT, wato 4:14:07 na asuba a Kano da Zinder. Daƙiƙa ɗaya bayan nan lambar za ta zama 80000000, mafi ƙanƙantar lamba a wannan faɗi, na'urar da ba a gyara ba kuma ta ɗauka ranar 13 ga Disamba 1901 ce. Manyan kwamfutoci da sababbin wayoyi sun koma bit 64. Abin damuwar yana ga ƙananan na'urorin da aka dasa cikin injuna aka mance da su.

Matsala ta biyu ta fi kusa da ɗalibin kwalejin fasaha ko mai gyaran lantarki, ita ce karanta lamba mai alama kamar marar alama, ko faɗaɗa ta ba bisa ƙa'ida ba. In za a kai −42 daga bit takwas zuwa bit 16, ba sifili ake cikawa a hagu ba. 00D6 214 ce. Ana maimaita bit na hagu ne har ya cike wurin, D6 ta zama FFD6, domin yanzu cikon zuwa 65,536 ake nema, kuma 65,536 a ɗebe 42 shi ne 65,494, wato FFD6.

Ga yadda abin ke bayyana a aiki. Akwai wani ɗan ƙaramin ma'aunin zafi mai suna DS18B20, mai ƙafa uku, wanda masu haɗa na'urori da Arduino ke yawan saye saboda arha. Yana ba da awonsa a bayit biyu, da cikon biyu, kuma kowane taki ɗaya kashi ɗaya ne cikin goma sha shida na digiri. A ce wani ya haɗa shi don lura da firizar mai sayar da ƙanƙara ko kifi. A kan teburinsa, cikin zafin ɗaki na digiri 25, ma'aunin ya aiko da 0190 a heks, wato 400, a raba da 16, 25. Komai ya tafi daidai, ya kai na'urar ya saka. Firiza ta fara sanyi, allo yana nuna 10, 5, 1, 0, sai kwatsam ya yi tsalle zuwa 4095, daga nan ya riƙa sauka a hankali har ya tsaya a 4076.

Mai na'urar zai fara zargin ma'aunin ko wayoyin, amma lambar da kanta ta faɗi abin da ya faru. A digiri 20 ƙasa da sifili, ma'aunin yana aiko da −320, domin 20 sau 16 shi ne 320. A bit 16 wannan FEC0 ne.

```
FEC0      1111 1110 1100 0000
juyawa    0000 0001 0011 1111   = 319
ƙara 1    0000 0001 0100 0000   = 320
```

F ɗin farko ta riga ta nuna lambar ƙasa da sifili ce, kuma 320 a raba da 16 ya ba da digiri 20 ɗin da ake nema. Manhajar ce ta zuba bayit biyun a ma'ajin da ba ya sanin alama, ta karanta FEC0 a matsayin 65,216, ta raba da 16, ta samu 4076. Tazarar da ke tsakanin amsar ƙarya da ta gaskiya 4096 ce, wato 65,536 a raba da 16, kuma duk inda aka ga awo ya kauce da 256, ko 4096, ko 65,536, nan ya kamata a fara dubawa. Gyaran kalma ɗaya ce, a bayyana ma'ajin a matsayin mai alama kuma mai bit 16 daidai:

```c
int16_t raw = (msb << 8) | lsb;
float c = raw / 16.0;
```

Da `uint16_t` aka rubuta a wurin `int16_t`, 4076 za a ci gaba da gani. Haka ma in aka yi amfani da `int` kawai a kan allo irin ESP32, inda `int` ke da bit 32, domin FEC0 za ta zauna a matsayin 0000FEC0, bit ɗinta na alama ya tsinci kansa a tsakiya. A kan Arduino Uno kuwa, inda `int` bit 16 ne, wannan layin zai yi aiki lafiya, shi ya sa manhajar da ta yi shekara tana aiki a wani allo kan ruɗe da zarar an kwafe ta zuwa wani. Kafin a miƙa irin wannan na'ura ga mai ita, ba sai an jira firiza ta yi sanyi ba: a sa wa `msb` darajar 0xFE, a sa wa `lsb` 0xC0 da hannu, a duba ko allo zai nuna −20.